Jarumi ne ko rawar da ya taka? Yadda tufafi da wurin ɗauka ke tona asirin hoton fim

Mutane da yawa a Kabo da Gwarzo sun san Kamaye. Kaɗan ne za su iya faɗa maka nan take cewa sunansa Ɗan'azumi Baba. Haka nan idan aka ce Bawa Maikada, tunanin mai kallo zai tafi kan gwamnan cikin shirin Kwana Casa'in kafin ya tuna da Sani Mu'azu, wanda ya hau rawar.

Wannan ba sabon abu ba ne. Marigayi Rabilu Musa ya rasu a Disambar 2014, amma har gobe da Ibro ake kiransa. Masu kallon fim ɗin Indiya ma sun daɗe suna kiran Amrish Puri da Mugambo, sunan mugun da ya fito a matsayinsa a fim ɗin Mr India na 1987.

Matuƙar abin ya tsaya a laƙabi, babu wanda ya cutu. Matsalar tana farawa ne idan aka yanko hoto guda daga cikin fim, aka raba shi da sauti da labarin da ke gabansa da bayansa, sannan aka tura shi waya da sabon rubutu a ƙasa. A nan ne za ka ji an ɗaura wa jaruma auren da ba ta san da shi ba, ko an kwantar da jarumi a asibiti alhali yana gidansa lafiya lau.

Fuska ba za ta warware wannan ba. Fuska tana gaya maka wane ne a hoton, amma ba ta gaya maka ko a lokacin shi ne a karan kansa, ko kuwa wani yake kwaikwaya. Amsar tana cikin abin da ya saka, da abin da ya riƙe, da abin da ke kewaye da shi. Kuma waɗannan shaidu uku ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Yadda hoto ke rabuwa da labarinsa

A garuruwa irin su Kabo da Garo da Getso, mutane da dama a waya suke kallon fim. Wani ya sauke daga YouTube, wani ya je shagon masu tura finafinai a loda masa, wani kuma abokinsa ya tura masa ta Xender. A cikin kallon ne wani zai tsayar da fim ɗin, ya ɗauki hoton fuskar wayar, ya saka a WhatsApp.

Kafin hoton ya ratsa hannu biyar ko shida, abubuwa uku sun same shi. An datse gefunansa, inda tambarin tasha ko na kamfani yake zama. Ingancinsa ya ragu, har ƙananan rubutun da ke cikinsa sun dushe. Sannan wani ya ƙara masa bayanin da ba nasa ba.

Saboda haka mai duba hoto yana bukatar ya san cewa hoton ɗan fim iri uku ne, ba biyu ba. Akwai hoton da aka ciro daga cikin fim, inda jarumi yake cikin rawarsa. Akwai hoton rayuwarsa ta yau da kullum. Akwai kuma na tsakiya, wanda aka ɗauka a lokeshan lokacin hutu: kayan rawar suna jikinsa, amma shi ya dawo kansa, yana dariya da wanda zai kashe a fitowa ta gaba. Wannan na ukun shi ya fi rikita mutane, domin ya yi kama da hoton gida, alhali tufafin na aiki ne.

Sumayya ɗaya, fuska biyu

Shirin Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fita a 2020, ya ba masu kallo darasi a kan wannan. Nafisa Abdullahi ce ta fara fitowa a matsayin Sumayya. Da ta bar shirin a 2022, Fati Washa ta karɓi rawar. Fuska ta sauya, Sumayya kuwa tana nan, domin sunanta da danginta da matsalolinta a cikin labarin suke zaune.

Wannan yana nuna cewa mutumin cikin labari ba a fuska yake ba. Ana gina shi ne da suna, da irin shiga, da ɗakin da yake kwana, da mutanen da ake ganinsa da su. Duk wanda aka ɗora a kan waɗannan ya zama shi.

Juyin wannan ma gaskiya ne. Ali Nuhu ya fito ɗan sarki a Sangaya, ya fito a rawa iri-iri a ɗaruruwan finafinai bayan nan, sannan a Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya. Yau idan ka ga hotonsa a bayan babban tebur da tuta a gefe, yana iya zama fim, yana iya zama ofishinsa na gaske. Tebur da tuta kaɗai ba su isa hukunci ba.

Shaida ta farko: tufafi

Tufafi ne ido ke fara kamawa, amma su ne shaida mafi rauni, musamman a finafinan Kannywood na rayuwar yau. A irin waɗannan finafinai sau da yawa jarumi da kayansa yake zuwa lokeshan. Shaddar da ya fito da ita a matsayin alhaji mai kuɗi tana iya zama wadda zai saka zuwa ɗaurin aure ranar Asabar. Don haka kyan tufafi ko tsadarsu ba ya nuna komai.

Inda tufafi ke magana shi ne inda suka saɓa da jikin da ke cikinsu, ko suka saɓa da ƙa'idar da aka san su da ita.

Ɗauki shigar manomi. Mutumin Gude ko Durun ba ya bukatar a koya masa yadda rigar gona take. Rana tana cinye launinta a kafaɗa da baya, gumi yana barin shaci a wuya da hammata, yagewarta kuma a inda ake gogayya take faruwa. Rigar da aka tsufar don fim takan yi datti ko'ina daidai wa daida, kamar an shafa mata ƙasa da hannu, yagewar kuma bakinta a miƙe, irin na almakashi. Daga nan ka duba hannu da ƙafa. Tafin hannu mai laushi, farce a gyare, dunduniya babu faso, ko farin shacin agogo a tsintsiyar hannu, duk suna cewa mai rigar ba a gona yake wuni ba.

Haka shigar tsufa. Ana iya sa furfura da hoda ko fenti, ana iya manna gemu. Amma a hoto mai kyau za ka ga layin da gemun ya haɗu da fata ya fita tsaf kamar an ja shi da biro, furfurar kuma ta taru wuri ɗaya maimakon ta warwatsu. Wuya da bayan hannu su ne suka fi wahalar tsufarwa, kuma su aka fi mantawa da su.

Kaki yana da nasa ƙa'idar. A sojan ƙasa na Najeriya, kyaftin tauraro uku yake ɗauka a kafaɗa, manjo mikiya ɗaya, kanar kuma mikiya da tauraro biyu. A 'yan sanda, kofur igiya biyu, saje igiya uku. Idan rubutun da ke ƙasan hoto ya ce kanar ne amma kafaɗarsa tauraro uku, ko mutum ya haɗa igiyar saje a hannu da tauraron hafsa a kafaɗa, to kayan wasa ne. Abu mafi sauƙi kuma shi ne sunan da ke ƙirji. Idan ka san fuskar amma sunan ba nasa ba ne, kana kallon rawa ne.

Batun kaki ba ƙarami ba ne a wajen hukuma. A 2022 Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Usman Alƙali Baba, ya ba da umarnin a kama masu fim da masu barkwanci da ke saka kakin 'yan sanda ba tare da izini ba.

Sai rawani. A al'adar masarautar Kano, rawani mai kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, ba kowane mai sarauta ke yin sa ba. Dogaran Kano da ja da kore aka san su. Fim ɗin da ya ƙirƙiro masarautarsa yana da 'yancin haɗa kaya yadda ya ga dama, shi ya sa za ka ga an gwama rawanin wata ƙasa da alkyabbar wata, ko dogarai da launin da babu fadar da ta san shi. Wanda ya saba ganin hakimi a hawan sallah zai lura da wannan kafin ɗan birnin da bai taɓa tsayawa kusa da fada ba.

Amma a yi hattara. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne na gaske, don haka tsohon hotonsa cikin kaki ba lallai ne ya zama na wasa ba. Mawaƙi Naziru M. Ahmad ya fito a Labarina, kuma a 2018 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa shi Sarkin Waƙa. Rawanin da ke kansa a hotunan naɗin ba na fim ba ne. Wato tufafi suna tayar da tambaya, ba su cika rufe ta ba.

Shaida ta biyu: abin da ke hannu da abin da ke rubuce

Kayan da ake riƙewa ko ake ajiyewa a gaban kyamara sun fi tufafi faɗin gaskiya. Dalili kuwa shi ne an tanade su ne don a gan su na ɗan lokaci, daga nesa, suna motsi. Hoto yana tsayar da su cak, ya ba ka damar zuƙowa.

Mafi ƙarfinsu shi ne rubutu. Kwana Casa'in, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, an gina shi a kan wata jiha mai suna Alfawa. Najeriya jihohi 36 gare ta, kuma babu Alfawa a cikinsu. Saboda haka duk hoton da ka ga sunan Alfawa a jikin fosta, ko allon ofis, ko takarda a kan tebur, magana ta ƙare: Bawa Maikada kake kallo. Idan kuwa ka ga Sani Mu'azu a gaban allon wani taro mai ɗauke da sunan gari na gaske da kwanan wata, to shi ne da kansa.

Wannan dabarar tana aiki a wurare da yawa. Masu fim kan ƙirƙiro sunan asibiti, da makaranta, da jam'iyya, da kamfani, don kada su shiga rigima da masu sunan gaske. Wani lokaci kuma sukan rufe sunan da ke jikin kwalba ko mota da salatif. Sunan da babu shi a duniya, ko sunan da aka rufe da gangan, alama ce babba.

Kuɗi ma haka. Kowace takardar naira da lambarta daban. Idan ka zuƙo hoton jakar kuɗi ka ga takardu biyu ko uku da lamba iri ɗaya, bugawa aka yi. Sau da yawa ma ta sama ce kawai kuɗi, sauran bandir ɗin farar takarda ce, kuma gefensa yakan nuna fari tas.

Jini kuwa yana da ɗabi'ar da duk wanda ya taɓa yanka rago ya sani. Idan ya fita ya sha iska yakan yi duhu, ya daskare, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa a jikin tufa. Na fim yakan zauna ja jawur yana sheƙi ko an jima, kuma za ka ga ya ɓata riga amma babu hujin da ya fito ta ciki.

Kayan aiki su ma suna da tarihi a jikinsu. Ƙotar fartanyar da ake noma da ita takan yi santsi da duhu a inda hannu ke kamawa, bakinta kuma ya yi haske saboda cin ƙasa. Sabuwar ƙota fara fat a hannun wanda aka ce ya shekara talatin yana noma abin tambaya ce. Sai dai masu fim kan ari kayan mutanen gari, don haka tsohuwar fartanya ba hujja ba ce cewa hoton na gaske ne. Ka riƙe wannan ƙa'ida: kuskure a kaya yana nuna fim, amma rashin kuskure ba ya nuna akasin haka.

Shaida ta uku: gefen hoto da haske

Shaida mafi ƙarfi ba a tsakiyar hoto take ba. Tana can gefe, inda mai ɗauka bai yi niyyar ka duba ba.

Fara da haske. A ɗakin gida, haske daga taga yake zuwa ko daga ƙwai ɗaya a sama, inuwa kuma ɗaya ce. A wurin ɗaukar fim ana kafa fitilu a kan ƙafafu, sau da yawa biyu ko uku. Sakamakon shi ne inuwa biyu a bango, ko fuska ta haskaka sosai alhali taga tana bayan mutum, ko wani siririn haske a gefen kai da kafaɗa wanda ke raba shi da bango. Idan hoton yana da inganci, zuƙo ƙwayar ido ko gilashin tabarau. Za ka iya ganin ɗigon haske mai kusurwa huɗu, wato surar fitilar.

A waje kuma, idan rana tana bayan mutum amma fuskarsa ta fito tas babu duhu, akwai yiwuwar wani yana tsaye a gabansa da faifan nan mai sheƙi da ake maido da hasken rana da shi.

Daga nan ka bi gefuna huɗu ɗaya bayan ɗaya. A sama ana iya ganin kan makirfo mai gashi-gashi da ake ratayawa a doguwar sanda, ko inuwarsa. A ƙasa ana iya ganin wayar wuta mai kauri, ko ƙafar fitila, ko ɗan salatif da aka manna don jarumi ya san inda zai tsaya. A wuyan riga ana iya ganin ɗan tudu inda aka ɓoye ƙaramin makirfo. Madubi da gilashin mota da fuskar talabijin a kashe su ne manyan masu tona asiri, domin sukan nuno mai kyamara da mutanensa.

Sai tsarin ɗakin kansa. Yawancin finafinan Hausa a gidajen mutane ake ɗaukarsu, na haya ko na aro, don haka bango da kujeru na gaske ne. Amma zaman mutane ba na gaske ba ne. A falon gida, mutane kan zauna suna fuskantar juna ta kowane ɓangare. A fim, kowa yana karkata zuwa gefe ɗaya, an bar ɓangare guda fayau saboda kyamara. Kuma idan ka taɓa ganin wannan falon da wannan labulen a wani fim da wasu jarumai, to gidan lokeshan ne, ba gidan wanda ke hoton ba.

Mutanen da ke baya ma shaida ne. Idan fitaccen jarumi ya tsaya a kasuwa a rayuwa ta gaske, idanu suna kansa, wayoyi a sama. Idan ka ga kowa a bayansa yana harkarsa kamar bai san shi ba, an tsara su ne. Idan kuma ka ga cincirindon yara a gefe guda, an tsayar da su a layi suna kallon abu ɗaya, ɗauka ake yi.

A ƙarshe akwai yanayin shekara. Hoton da aka ce jiya aka ɗauka a watan Maris, amma ga dawa kore shar ta fi mutum tsawo, ga ciyawa ko'ina, ya ƙaryata kansa. Sai dai mutanen Kabo sun san cewa a gefen dam irin na Guzuguzu ana noman rani, don haka koren fili kaɗai bai isa ba. A duba irin shukar, da bishiyoyin nesa, da sararin sama.

Mu gwada da hoto guda

A ce an turo maka hoto: wani jarumi da ka sani yana kwance a gadon asibiti, kai naɗe da bandeji, ana ƙara masa ruwa. A ƙasa an rubuta cewa ya yi hatsari jiya, ana neman taimako, ga lambar asusu. Irin wannan saƙo yana da nauyi, domin akan samu 'yan fim da suke rashin lafiya da gaske kuma ake nema musu taimako. Kuskure ta kowane ɓangare yana da illa: ko ka tura wa ɗan damfara kuɗi, ko ka ƙaryata mara lafiya.

Mataki na farko, rufe rubutun da yatsa, ka kalli hoton shi kaɗai. Rubutun shi ne abin da ake tuhuma, don haka ba zai zama shaida ba.

Na biyu, siffar hoton. Hoton da ɗan'uwa ya ɗauka da waya a asibiti galibi a tsaye yake, ya ɗan karkace, da tarkace a ciki: kwanon abinci, fulas, leda, kafaɗar wani. Wanda aka ciro daga fim a kwance yake, fuskar tana wurin da ya dace, bayan ya dushe da kyau. Duba kusurwoyi ko akwai ragowar tambari, duba ƙasa ko akwai guntun fassarar Turanci da aka datse.

Na uku, tufafi da jiki. Bandejin fari ne tas da ɗigon ja guda a tsakiyar goshi? Mutumin da ya bugu a kai yakan kumbura, ido ya yi duhu, fata ta kuje a wasu wuraren. Fuska sumul da gemu a gyare ƙarƙashin bandeji ba su dace da hatsarin jiya ba.

Na huɗu, ƙarin ruwan. Bi robar da ido daga leda har hannu. A na gaske, tana shiga ne cikin wata 'yar roba mai launi da aka soka a jijiya, a bayan hannu ko a gaɓar hannu, aka danne da filasta. A fim sau da yawa bakin robar kawai ake mannewa a fata, ko a tura shi ƙarƙashin bargo. Duba kuma ɗan kwalbar da ruwa ke ɗiga a ciki, ƙasa da ledar. Idan babu ruwa a cikinta ko kaɗan, ba a haɗa komai ba.

Na biyar, ɗakin. Akwai wasu gadaje? Akwai rubutu a zanin gado ko a bango, kuma sunan asibitin akwai shi a duniya? Inuwar ƙarfen rataye ruwan guda nawa ce a bango? Waɗanda ke tsaye a kansa 'yan uwansa ne, ko kuwa matar da ke kuka ita ma jaruma ce, likitan ma ka san shi a wani fim? Fitattun fuskoki uku a ɗaki ɗaya, kowa da rawarsa, fim ne.

Yanzu ka ƙirga. Alama ɗaya ba ta isa ba, domin akan ɗauki fim a asibiti na gaske, kuma akan ɗauki mara lafiya na gaske hoto mai kyau. Amma idan ka samu alamu uku daga wurare daban-daban, misali robar da ba ta shiga jijiya ba, da inuwa biyu, da jaruma a bakin gado, to ka samu amsa. Suna na ƙirƙira ko makirfo a saman hoto kuwa, ɗaya ma ya wadatar.

Mataki na ƙarshe a wajen hoton yake. Saka shi a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a baya da sunan wani fim. Duba shafin jarumin da aka tabbatar nasa ne, ka ga abin da ya wallafa a kwanakin. Kafin ka gama wannan, kada ka tura kuɗi, kada kuma ka tura hoton gaba.

Hoton aure ma haka ake bi da shi. Lalle da mayafi da zama kusa da juna ba sa ɗaura aure. A tambaya: ina iyaye da dangi, ina katin gayyata mai sunayen gaske, kuma me ya sa hoto ɗaya tak ke yawo? Bikin fitaccen mutum a yau wayoyi da yawa ne ke ɗaukarsa ta kusurwa daban-daban. Hoto guda mai kyau wanda ba shi da 'yan uwa ya fi kama da fosta.

Inda dabarar ke tsayawa

Akwai hotunan da ba za su ba da amsa ba. Idan an datse hoto har ya rage fuska da kafaɗa, ko ya dushe saboda yawan turawa, shaidun sun tafi. Hoton talla da na bidiyon waƙa su ma suna da fitilu da kwalliya irin na fim, alhali mutum da sunansa ya fito. Sannan ana iya yanko kan mutum a ɗora a wani jiki. A irin wannan hali, abin da ya dace shi ne mutum ya ce hoton bai nuna ba, ya tsaya a nan.

Abin ya wuce nishaɗi. A 2018, bayan harin da aka kai garin Douma na ƙasar Siriya, an yaɗa hotunan da aka ɗauka a wurin shirya wani fim mai suna Revolution Man, aka ce hujja ce cewa shirya harin aka yi. Allon da ake bugawa kafin ɗauka da masu kwalliya da ke cikin hotunan gaskiya ne, amma na fim ne, ba na wurin harin ba. A ƙasa irin tamu, inda hoton gawa ko na mutum riƙe da bindiga kan iya tayar da unguwa, sanin cewa wani abu daga fim ya fito yana iya hana asarar rai.

Ga su kansu 'yan wasan kuma, magana ce ta mutunci. Wanda ya iya fitowa a mugu har aka tsane shi, aikinsa ya yi kyau. Kanayo O. Kanayo na Nollywood ya shahara da rawar masu tsafin kuɗi, amma a rayuwarsa lauya ne tun 2020. Matar da ta fito a muguwar kishiya tana da 'ya'yan da ke zuwa makaranta, kuma su ne ke jin abin da ake faɗa idan aka yaɗa hotonta da sunanta na gaske a kan laifin da marubuci ya ƙirƙira.

Idan za a rubuta bayani a ƙasan hoton fim, kalma biyu sun isa su raba gardama: "a matsayin". Sani Mu'azu a matsayin Bawa Maikada, Fati Washa a matsayin Sumayya, sannan sunan shirin. Wanda ya karɓi hoton a Kabo ko a Gwarzo ba zai sake bukatar zuƙo inuwar bango ba.